Mai Karɓar Koken Kati a Damagaram

Duk wanda ya shiga reshen banki a Damagaram zai ga layi biyu. Akwai dogon layin gishe, inda ake zuba kuɗi ana cira. Akwai kuma wani tebur a gefe, wanda galibi ba a lura da shi sai ranar da aka buƙace shi. Mutumin da ke zaune a nan, mace ko namiji, shi ne mai kula da lamurran masu asusu, kuma cikin ayyukansa har da wanda ya fi kowanne ɗaukar zafi: sauraron wanda ya zo da salula a hannu yana cewa an ci masa kuɗi a kati, shi kuwa bai sayi komai ba.

Sana'a ce da ba a gada. A garin da dukawa da maƙera da majema suke iya lissafa kakanninsu a kan aiki, wannan ita ce baƙuwa. Masu yinta yawanci sun karanta ilimin banki ko lissafin kuɗi, amma ainihin aikin a kan tebur ake koyonsa, daga koke zuwa koke. Abin da kuwa ake koya ba danna na'ura ba ne. Shi ne a ji "ban san wannan ba" a gane wace iri ce, domin kalmar ɗaya ce amma abin da ke ƙarƙashinta ya kasu, kuma kowane kashi da irin shaidar da yake nema. Wanda ya iya wannan rarrabewa ya iya sana'ar. Wanda bai iya ba sai ya tura bawan Allah ya yi ta yawon tara takardun da babu wanda zai karanta.

Kafin a fahimci aikin, sai an san inda mai teburin yake tsaye. Ba shi ke mayar da kuɗi ba, ba kuma shugaban reshe ba. Koken da ya rubuta a Damagaram zai tafi sashen kula da katuna a babban ofishin bankin a Yamai. Daga can, idan katin na GIM-UEMOA ne, wato ƙungiyar da bankunan ƙasashe takwas masu sefa suka kafa a 2003 mai mazauni a Dakar, ta hanyarta za a bi. Idan na Visa ne ko Mastercard aka yi amfani da shi a waje, ƙa'idojin waɗannan kamfanoni za a bi, har magana ta kai bankin ɗan kasuwar da ya karɓi kuɗin, wanda yana iya kasancewa a Kano ko Dubai ko Dublin. Babu ko ɗaya daga cikin masu yanke hukuncin da zai ga fuskar mai katin. Ba su san gidansu a Birni ko Zango ba, ba su san cewa mutum ne da ba a taɓa jin ya yi ƙarya ba. A Kasuwar Dole dillali yana iya kashe rigima da cewa "na san shi, na tsaya masa." Mai teburin kati dillali ne da ba a karɓar wannan kalma daga bakinsa, sai abin da ya rubuta da abin da ya liƙa a bayan takarda.

Abu na farko da yake yi ba ya jiran bincike. Yana tambaya ko an rufe katin, in ba a rufe ba ya rufe shi nan take. Dokar da ke tafiyar da hanyoyin biyan kuɗi a ƙasashen UEMOA, mai lamba 15/2002, ta tanadi cewa umarnin biya da aka bayar da kati ba ya warwaruwa. Mutum ba zai sayi kaya ba sannan ya sake shawara ya ce banki ya janye. Amma dokar ta buɗe ƙofa ga wanda katinsa ya ɓata, ko aka sace, ko aka yi amfani da shi ta hanyar zamba. Irin wannan yana da ikon ya sa a tsayar da katin, kuma ko da kiran salula ya yi, kiran ya wadatar a matsayin matakin farko. Sharaɗin da mutane ba su sani ba shi ne cewa sai ya zo ya tabbatar da kiran tare da takardunsa cikin awa 24 na ranakun aiki. Saboda haka mai tebur nagari yakan tambayi lokacin da aka yi kiran ya rubuta shi, sannan ya ba mai katin resi. Wannan resi shi ne shaida ta farko a fayil, kuma a ganina ya fi duk sauran muhimmanci, domin shi ne yake raba lokaci gida biyu: abin da aka cira kafinsa ana iya jayayya a kai, abin da aka cira bayansa kuwa banki ne zai bayyana yadda aka yi rufaffen kati ya biya kuɗi.

Bayan an rufe kati sai a zauna. A nan ne haƙurin mai sana'a yake fitowa, domin wanda ke gabansa ransa a ɓace yake, kuma tambayoyin da za a yi masa suna kama da tuhuma. Katin yana hannunka yanzu? Ya taɓa kwana a hannun wani? Wa ya san lambar sirri? Ka taɓa sa katin a wata manhaja ta salula? Ka yi tafiya kwanan nan? Wanda bai ƙware ba yakan jero su kamar ɗan sanda, sai Alhaji ya fusata ya ce ai ba ɓarawo ba ne shi. Ƙwararre yakan fara da cewa, "Alhaji, ka yi haƙuri da tambayoyin nan, waɗanda za su karanta takardar ba su san ka ba, ni nake so in riga su tambaya."

Da yawa daga cikin koken a wannan zama suke ƙarewa, ba tare da an rubuta komai ba. Sunan da ke fitowa a saƙon banki ba lallai ya zama sunan da ke jikin shago ba. Otal ɗin da mutum ya sauka a Makka yana iya fitowa da sunan kamfanin da ya mallake shi. Mai na'urar POS a Kantin Kwari yana iya fitowa da sunan kamfanin da ya ba shi na'urar, da adireshin Legas. Abin da aka saya a cikin salula yakan fito da APPLE.COM/BILL ko GOOGLE * da sunan wata manhaja, kuma sau da yawa rajista ce ta wata-wata da aka yi aka manta. Haka nan ranar da kuɗi ya bayyana a relebe tana iya bambanta da ranar cinikin da kwana biyu ko uku, adadin ma ya ɗan sauya idan da dalar Amurka ko riyal ko naira aka biya, saboda canji da ladan banki. Akwai kuma kuɗin da ake riƙewa kawai, irin wanda otal ke yi a matsayin jingina, wanda yakan sako da kansa. Mai tebur yana duba ko cinikin ya tabbata ko yana rataye, domin wanda ke rataye ba a shigar da ƙara a kansa tukuna.

Wanda ya rage bayan wannan tankaɗe shi ne aikin gaske. Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki.

A ce wani mai sayar da shadda da atamfa a Kasuwar Dole yana da katin Visa. Ranar Laraba bayan sallar asuba ya duba salularsa ya tarar da saƙo uku daga banki. Na farko da ƙarfe 11:42 na daren Talata, yuro 50. Na biyu bayan minti biyar, wani yuro 50. Na uku da 12:15, yuro 100. Tun da yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya hawa ba ya sauka, lissafin a fili yake: 32,798 sau biyu da 65,596, wato kimanin jika 131, ban da ladan banki. Dukkansu sun fito da suna iri ɗaya, FACEBK * da waɗansu haruffa da lambobi a bayansa. Katin yana cikin aljihun rigarsa. Ya kira lambar da ke bayan katin aka rufe shi, da hantsi ya iso banki.

Abin da mai tebur zai fara dubawa a na'urarsa, ko ya nema daga Yamai, shi ne yadda katin ya shiga cinikin. Kowane ciniki yana ɗauke da alamar ko an zura katin ne a na'ura an karanta ɗan guntun ƙarfen da ke jikinsa, ko an goga baƙin layin bayansa, ko an ɗora shi kawai, ko kuma lambobinsa aka rubuta a intanet ba tare da katin yana wurin ba. Wannan alama ita ce take faɗin irin shaidar da za a nema. A misalinmu lambobi aka rubuta. Ke nan tambayar ba ta inda Alhaji yake a daren ba ce. Ko ya kawo mutum goma da suka gan shi a gida a Zango ba su da amfani, domin daga kan gado ma ana iya biyan kuɗin talla. Tambayar ita ce wa ya rubuta lambobin, daga wace na'ura, kuma ko banki ya nemi tabbaci daga mai katin.

Sai a zo kan tambayar da ta fi kowace nauyi. "Alhaji, kafin saƙon cire kuɗin, akwai wani saƙo da ya shigo da lambobi na wucin gadi?" Wannan shi ne tsarin 3-D Secure, inda banki ke aiko da lamba zuwa salular mai kati don ya tabbatar da ciniki. Ƙa'idar kamfanonin kati ita ce, idan ɗan kasuwa ya karɓi kuɗi ta intanet bai bi ta wannan tabbaci ba, alhakin zambar yana kansa, kuma bankin mai kati yana da hanyar janyo kuɗin. Idan kuwa an aiko da lambar aka kuma shigar da ita daidai, alhakin ya tashi daga kan ɗan kasuwa, ya dawo tsakanin mai kati da bankinsa, inda magana take da wuya ƙwarai. Shi ya sa ake roƙon mutum kada ya goge komai a salularsa. Jerin saƙonnin banki na wannan dare, a ɗauki hotonsa yadda kwanan wata da lokaci da sunan mai aikowa suke fitowa, shi ne shaida ta biyu. Idan babu saƙon lamba a cikinsu, kuma rajistar banki ta nuna ba a aika ba, ƙarar ta tsaya da ƙafarta.

A nan wasu suke cutar kansu. Mutum ya san sarai cewa wani ya kira shi da sunan ma'aikacin banki, ya ce za a gyara masa kati, ya karanto masa lambobin, amma kunya ta hana shi faɗa. Sai ya rantse babu saƙon da ya shigo. Rajistar banki kuwa tana nuna minti da daƙiƙar da aka aika da lambar da wanda aka shigar da ita. Daga nan duk abin da ya faɗa an daina yarda da shi, har da wanda yake gaskiya. Da ya faɗi abin da ya faru, da mai tebur ya sauya hanya tun da wuri: a adana lambar da ta kira, da lokacin kiran, da tsawonsa, a kai kwamisariya, domin wannan laifi ne da dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019 ta tanadi hukunci a kansa. Ba lallai kuɗi ya dawo ba, amma aƙalla an nufi inda ɓarawon yake. Akwai kuma wanda lambar ta tafi layinsa amma ba ta iso hannunsa ba, saboda wani ya je ya sa an sake buga masa layin. Alamar wannan ita ce salula ta ɗauke sabis gaba ɗaya ba dalili kafin a fara cire kuɗi. Shaidarsa tana wurin kamfanin salula, wanda ke da rajistar ranar da aka sauya layin da wurin da aka yi.

Mu koma kan mai shaddarmu. Babu saƙon lamba, layinsa bai ɗauke ba. Mai tebur ya ci gaba, "Alhaji, kai ko wani na gida ya taɓa yin talla a Facebook da katin nan?" Alhaji ya ce shi ko shafin ba ya da shi. Can ya tuna cewa ɗansa ya taɓa karɓar katin gab da sallar bara don ya tallata sabbin kaya a shafin shagon. Wanda bai san aiki ba yana iya cewa to ai ga amsar nan, yaro ne, je ka gida ku sasanta. Wanda ya sani ba ya yanke hukunci tukuna. Yakan ce a kira yaron da salularsa, a buɗe wurin biyan kuɗi na asusun tallan, a duba tarihin abin da aka biya. Haruffan da ke bayan FACEBK * lamba ce ta musamman ga kowane biya. Idan ukun nan sun fito a asusun yaron, maganar ta gida ce, kuma shigar da ƙarar zamba a kai kuskure ne da zai iya sa a rufe asusun tallan shagon. Idan ba su fito ba, kuma biya na ƙarshe a asusun na bara ne, to an samu shaida ta uku, hoton wannan shafi, wadda ke nuna cewa wani asusu dabam ne ya ci kuɗin da katin.

Dalilin da ya sa wannan hoton yake da daraja shi ne abin da zai faru can gaba. Idan Yamai ta shigar da ƙarar, ƙarƙashin lambar dalili 10.4 a tsarin Visa ko 4837 a na Mastercard, ba shi ke nan ba. Ana ba ɓangaren ɗan kasuwa lokaci ya kare kansa, kwana 30 a Visa, 45 a Mastercard. Kuma tun watan Afrilu na 2023 Visa ta ba ƴan kasuwa damar su rushe irin wannan ƙara idan suka nuna cewa katin ya taɓa biyansu sau biyu a baya, tsakanin kwana 120 da 365 da suka wuce, ba a yi jayayya ba, kuma bayanan na'ura ko adireshin intanet sun zo ɗaya da na cinikin da ake musu. Ke nan tsohon tallan yaron zai fito ko an so ko ba a so. Idan mai katin ya rubuta cewa bai taɓa hulɗa da kamfanin ba, an kama shi da ƙarya a layin farko. Idan ya rubuta cewa an taɓa amfani da katin a asusun shagonsa a wata kaza, ga tarihinsa, waɗannan ukun ba daga can suke ba, to ya riga ya amsa tambayar kafin a yi ta.

Saura yadda lambobin katin suka fita. Da aka matsa tunani, Alhaji ya tuna cewa watanni biyu da suka wuce ya ɗauki hoton katin gaba da baya ya aika wa wani mai yankar tikitin jirgi ta WhatsApp. Hoton nan yana ɗauke da komai: lambobi 16, da watan ƙarewa, da lambobi uku na baya. Ba lallai mai tikitin ne ya ci amanar ba, domin hoto yana iya zama a salula ya bi ta hannu da yawa, kuma mai tebur ba ya barin a rubuta sunan kowa a matsayin ɓarawo ba hujja. Amma yana so a adana hirar kada a goge ta. Wasu za su ce faɗin wannan ya raunana ƙarar, tun da yarjejeniyar kati ta ɗora wa mai shi kiyaye lambobinsa. Haka ne, banki yana iya kawo maganar sakaci. Duk da haka ba da lambobi don tikiti ɗaya ba izini ba ne na biyan talla bayan wata biyu, kuma ɗan kasuwar da bai nemi tabbaci ba har yanzu alhakin yana kansa. Na fi ganin hikimar mai tebur da ke cewa a faɗi komai a bar shi ya tsara, a kan wanda ke koya wa mutane ɓoye rabin labari.

Wasiƙar koken kanta gajera ce, da Faransanci ake rubuta ta, kuma sau da yawa mai tebur ne ke taimakawa. Tana ɗauke da sunan mai kati, da lambobi shida na farko da huɗu na ƙarshe na katin kawai, ba duka ba. Kowane ciniki a layinsa, da rana da lokaci da adadi da sunan da ya fito, harafi da harafi. Sai jumla ɗaya cewa bai yi ba, bai ba kowa izini ba, katin yana hannunsa. Sai lokacin da ya gani da lokacin da ya rufe. Ya sa hannu, a buga hatimi da kwanan wata a kwafinsa ya tafi da shi. Wani ƙaramin abu da ƙwararru ke lura da shi: agogon Nijar yana gaba da na Dakar da Abidjan da awa ɗaya, saboda haka lokacin da ke cikin rajista yana iya bambanta da na salula, har cinikin 12:15 na daren ya fito da kwanan watan jiya. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗauka ciniki huɗu ne ko kuma takardun sun saɓa.

Fayil ɗin mai shaddar ke nan gaba ɗaya: resin rufe kati, hoton saƙonni, relebe na watannin baya, hoton tarihin asusun talla, katin shaidar ɗan ƙasa, da wasiƙa. Idan bankin ya nemi takardar kwamisariya sai a ƙara. Ba a buƙatar takardar mai unguwa ko shaidar liman ko rasiɗan shago. Mutanenmu sun saba cewa yawan shaidu shi ne ƙarfin magana, amma mai karanta fayil a Yamai yana da tari a gabansa, kuma takarda ta ashirin tana binne ta farko.

Da a ce alamar ta nuna an zura katin ne an kuma danna lambar sirri daidai, da labarin ya sha bamban. Guntun ƙarfen nan yana da wuyar kwaikwaya ƙwarai, ba kamar baƙin layin baya ba, saboda haka banki zai ɗauka katin na ainihi ne ya je wurin. A nan ne inda mutum yake yake da amfani. Idan an cire kuɗi a Yamai shi kuwa yana Magarya da katinsa, tikitin mota ko wani ciniki da ya yi da katin a kusa da lokacin suna magana. Idan kuwa a cikin Damagaram aka cira, a injin GAB da ya saba zuwa, abin da zai raba gardama shi ne hoton kyamarar injin, wanda ba a ajiye shi har abada, sai an nema da wuri, galibi ta hannun ƴan sanda. Mai tebur yakan rage murya a nan ya ce, "Baba, kafin mu nemi hoton, ka tabbata kana son ganin fuskar da za ta fito?" Domin tsoho da ba ya karatu yakan ba ɗa ko jika kati da lamba a ƙarshen kowane wata a ciro masa fansho, wani ma'aikacin kuma yakan bar katinsa a hannun wanda yake binsa bashi. Wannan ɓangare na aikin babu makarantar da ke koyar da shi. Akwai gidajen da aka rufa wa asiri saboda mai tebur ya ba dattijo kwana ɗaya ya je ya yi tambaya a gida kafin takarda ta fita daga hannunsa.

Mafi sauƙin koke shi ne na injin da ya rubuta an cira amma bai ba da kuɗi ba. Wannan ba zamba ba ce, kuma shaidarsa tana cikin injin: yana rubuta duk abin da ya yi, sannan idan aka ƙirga kuɗin cikinsa za a ga rara. Abin da ake nema daga mai kati shi ne resin in ya fito, da sunan bankin da ke da injin, da wurin, da lokaci. Sau da yawa kuɗin yakan dawo da kansa.

Wahalar sana'ar ita ce jira. Mai tebur ya gama nasa cikin awa ɗaya, amma shi ne za a riƙa zuwa wurinsa kowane mako, a tare shi a masallaci, a tare shi wurin ɗaurin aure. Ƙarar da ta fita waje tana iya ɗaukar wata biyu ko fiye, musamman idan ɗan kasuwa ya mayar da martani. Wanda ya san mutuncin aikinsa ba ya yin alkawarin rana, ba ya kuma cewa kuɗi zai dawo tabbas. Abin da yake iya tsayawa a kai shi ne fayil ya tafi a kan lokaci. A tsarin Visa da Mastercard yawancin irin wannan ƙara tana da wa'adin kwana 120, kuma wannan wa'adi ne na banki, ba na mai kati ba. Yarjejeniyar da mutum ya sa wa hannu lokacin karɓar kati tana iya ba shi ƙasa da haka. Ɗan kasuwar da ya tafi fatauci ya ce sai ya dawo zai duba, ko wanda bai sa a riƙa aiko masa da saƙon cire kuɗi ba sai ya ga relebe bayan wata huɗu, ya zo wa mai tebur da abin da ya riga ya fi ƙarfinsa.

Idan banki ya yi shiru, maganar ba ta mutu ba. Hukumar sa ido kan bankuna ta UMOA, mai mazauni a Abidjan, ta fitar da umarni a 2020 da ya wajabta wa bankuna su kafa hanyar karɓar koken masu asusu, su kuma ba da amsa cikin wata ɗaya. Wanda bai samu amsa ba, ko bai gamsu da ita ba, yana iya kai kukansa ga hukumar, kuma babban bankin BCEAO yana da reshe a nan Damagaram inda za a iya tambayar hanyar. Abu na farko da za a nema a can shi ne kwafin wasiƙar nan mai hatimi da kwanan wata. Don haka, mai karatu, ranar da ka je teburin nan, kada ka tashi sai an buga maka hatimi a kwafinka.